Mai ba da labari: wanda ya ɗauki ɓangare da wanda ba a sakin jiki da maganarsa

Akwai hukuncin da ya zama ruwan dare a sharhin ƙagaggun labarai, musamman a rubutun ɗalibai. Da zarar littafi ya zo da bakin tauraronsa, yana cewa na je, na gani, an yi mini, sai mai sharhi ya lura cewa tauraron yana yabon kansa yana kushe abokan gabarsa, sai ya rubuta cewa wannan mai labari ba abin dogaro ba ne. Ya ga kamar ya gano wani ɓoyayyen sirri. Alhali abin da ya gano bai wuce cewa mai labarin ɗan Adam ne ba. Duk wanda zai ba ka labarin rayuwarsa da bakinsa yana da inda ya tsaya, yana da waɗanda yake so da waɗanda suka ɓata masa, kuma ba ya ganin ƙeyarsa. In da wannan ya isa a cire amana daga mai labari, da babu ko ɗaya da zai tsira, kuma hukuncin da ya hau kan kowa ba ya bambanta komai.

Manazarcin da ya fito da wannan batu fili shi ne Wayne C. Booth na Amurka, a littafinsa The Rhetoric of Fiction na 1961. Ma'aunin da ya kafa ba gaskiyar duniya ba ce, ba kuma ra'ayin mai karatu ba ne. Littafin kansa ne ma'auni. A wurinsa mai labari abin dogaro ne in maganarsa da aikinsa sun tafi daidai da abin da littafin gaba ɗaya yake tsaye a kai, kuma ba abin dogaro ba ne in sun saɓa. Ma'ana, akwai hannun da ya tsara littafin, wanda ya zaɓi abin da zai zo kafin wani, da wanda zai yi magana a wane wuri, kuma wannan hannu yana iya yi wa mai karatu ƙifce ta bayan mai labarin. In ƙifcen yana nan, kana karanta labari biyu ne a lokaci guda: wanda ake gaya maka da wanda ake nuna maka. In babu shi, labari ɗaya ne, ko da mai faɗarsa ya cika shi da ɗaci.

James Phelan, wanda ya yi karatu a hannun Booth, ya ƙara wani abu mai amfani ga mai sharhi. Ya ce mai labari aiki uku yake yi. Yana faɗin abin da ya faru, yana fassara abin da ya faru, yana kuma yanke hukunci a kansa. A kowane ɗaya yana iya karkacewa, ko kuma ya tsaya bai kai ƙarshe ba. Wannan rabo shi ne zai hana ka yi wa mai labari kuɗin goro. Mutum yana iya zama daidai ƙwarai wajen faɗin wa ya shigo, wa ya fita, da ƙarfe nawa, amma ya kasa gane ma'anar abin da ya wakana a gaban idonsa.

Bari mu ɗauki littattafai biyu mu auna.

Ramatoulaye

Littafin Mariama Bâ ta Senegal, Une si longue lettre, wanda aka fi sani a Najeriya da fassararsa ta Turanci So Long a Letter, ya fito a 1979. Doguwar wasiƙa ce da Ramatoulaye, malamar makaranta a Dakar, take rubuta wa aminiyarta Aïssatou tana cikin takabar mijinta Modou Fall. Ta haifa masa 'ya'ya goma sha biyu. Bayan shekara ashirin da biyar da aure ya auri Binetou, ƙawar 'yarsu Daba, ba tare da ya gaya mata ba. Sai bayan an ɗaura ne wansa Tamsir da amininsa Mawdo da liman suka zo suka sanar da ita. Daga nan Modou ya yi watsi da gidan uwargida har ya mutu.

Babu mai musun cewa Ramatoulaye ta ɗauki ɓangare. Ita aka yi wa, ita ke faɗi, kuma wadda take rubuta wa ma mace ce da ta bar mijinta saboda ya ƙara aure. Uwar Binetou ba ta sami ko suna a wasiƙar ba, sai laƙabi na ba'a, kuma duk inda ta fito kwaɗayi ne ke gabanta. Modou bai sami damar kare kansa ba, yana kabari. Mai karatun da yake ganin ƙarin aure ba laifi ba ne zai ji alƙalaminta ya yi tsauri.

To, yanzu ka yi wannan gwaji. Cire duk kalmomin zafi da na hukunci daga labarinta, ka bar zallar abin da ya faru, ka ga ko zai tsaya da ƙafarsa. Modou ya auri ƙawar 'yarsa a ɓoye. Ya daina zuwa gidan farko. Da aka zauna lissafin abin da ya bari, sai ga bashi, ga gidan da ya saya wa amarya, ga kujerar Makka da ya biya wa surukansa. Wannan zama a gaban dangi aka yi shi, da takardu. Babu wani tauraro a littafin da ya fito ya ce ba haka aka yi ba, babu wani shafi da ya rushe wani shafi. Abin da ya faru yana nan daram, fushin ne kawai nata.

Abu na biyu da za ka duba shi ne ko tana kawo abin da ba ya taimaka wa ƙararta. Tana kawowa. Ita ce ta gaya mana mahaifiyarta ba ta taɓa sakin jiki da Modou ba tun yana neman aure, ta fi son Daouda Dieng, ita ce ta ƙi ji. Ita ce ta amsa cewa duk da abin da ya yi mata ba ta daina sonsa ba, kuma ba ta iya tafiya kamar yadda Aïssatou ta tafi ba. Kishiyar ma ba ta mai da ita shaiɗaniya ba, ta nuna ta a matsayin yarinyar da aka cire daga makaranta aka sayar da ƙuruciyarta. Mai labarin da ya san inda rauninsa yake, ya kuma nuna maka shi da yatsa, ya riga ka zuwa wurin da kake son kama shi. Babu wani labari na biyu da ke tafiya a bayanta wanda ita ba ta sani ba. Saboda haka in za ka yi sharhi, kana da damar ka ce hukuncinta a kan uwar Binetou ya yi nauyi, ko ka ce muryar Modou ta ɓace a littafin. Wannan muhawara ce da littafin, da marubuciyarsa. Amma ba ka da hujjar cewa littafin ya tsara Ramatoulaye don a ƙi yarda da ita.

Stevens

The Remains of the Day na Kazuo Ishiguro ya fito a 1989, ya ci kyautar Booker a shekarar. Mai labarin, Stevens, shugaban ma'aikatan wani katafaren gida ne a Ingila, Darlington Hall, inda ya yi wa Lord Darlington bauta shekara da shekaru. A watan Yuli na 1956, gidan ya riga ya koma hannun wani Ba'amurke, Mista Farraday, sai Stevens ya ari motar sabon maigidan ya nufi yammacin ƙasar don ya ga Mis Kenton, wadda ta taɓa shugabantar mata masu aikin gidan kafin ta yi aure ta tafi shekara ashirin da suka wuce.

Abin da ke ruɗin mai karatu na farko shi ne Stevens ba shi da zafi ko kaɗan. Ba ya zagi, ba ya ɗaga murya, kowace jimla tasa a goge take kamar azurfar da yake alfahari da gogewa. In da zafin harshe ne alamar rashin amana, da shi ne mafi amana a cikin masu labari. Amma dubi daren da mahaifinsa ya rasu.

A watan Maris na 1923 Lord Darlington ya tara manyan baƙi daga ƙasashe don a tattauna sassauta wa Jamus sharuɗɗan da aka ɗora mata bayan yaƙin duniya na farko. Mahaifin Stevens, wanda shi ma ma'aikaci ne a gidan, yana kwance a ɗakin sama rai a hannun Allah. Stevens yana ƙasa yana zuba wa baƙi abin sha, yana neman wa wani baƙo Bafaranshe maganin ciwon ƙafa. Da aka gaya masa tsohon ya cika, ya ce aiki ya yi masa yawa, zai hau daga baya, har Mis Kenton ce ta nemi izininsa ta rufe wa mamacin ido. Stevens ya ba mu wannan dare a matsayin ƙololuwar aikinsa, ya ce in ya tuna shi yana jin ya yi nasara.

A cikin bayaninsa babu inda ya ce ya ji wani abu. Sai dai a tsakiyar hidimar, wani matashi cikin baƙin, Mista Cardinal, ya tambaye shi ko lafiya. Can kuma Lord Darlington da kansa ya ce masa kamar kuka yake yi. Stevens ya yi dariya, ya ciro hankici ya share fuska, ya ce gajiyar yini ce. Nan ne hujjar take. Hawayen ba su fito daga bakin mai labari ba, sun fito daga bakin mutum biyu da ya kawo maganarsu da kansa, da kuma hankicin da ke hannunsa. Marubucin ya dasa shaidu a cikin ɗakin, ya bar Stevens ya wuce su kamar bai ji ba. Gwada cire hukuncinsa kamar yadda muka yi wa Ramatoulaye. Abin da ya rage ba labarin nasara ba ne da aka rage wa gishiri, wani labari ne dabam: ɗa yana kuka yana raba giya, ubansa yana mutuwa a sama. A wurin Ramatoulaye cire hukunci ya bar labarin yadda yake. A wurin Stevens ya juya shi.

Misali ɗaya bai isa ba, domin kowa yana iya ɓoye hawayensa sau ɗaya. Abin da ke tabbatar da cewa tsari ne shi ne maimaituwa, kuma kowace karkata ta nufi gefe guda.

Ɗauki wasiƙar Mis Kenton. Tun farkon littafi Stevens ya ce ya hango a cikinta sha'awar dawowa aiki a gidan, kuma dalilin tafiyarsa na aiki ne zalla, tunda ma'aikata huɗu kawai suka rage ana ta samun 'yan kurakurai. Yana tafiya yana sake karanta wasiƙar, yana kuma rage abin da ya ce ta ƙunsa, har ya amsa cewa babu inda ta faɗi a fili tana son dawowa. Da suka haɗu ya tuna mata wata jimla mai ɗaci da ya ce ta rubuta game da sauran rayuwarta, sai ta yi mamakin a ce ita ta rubuta haka. Mu ba a taɓa ba mu wasiƙar cikakkiya ba, sai gutsattsarin da ya zaɓa. Mutumin da ke ɗauke da takarda a aljihu yana karanta ta dare bayan dare saboda ƙarancin ma'aikata, kowa ya san ba ƙarancin ma'aikata ke damunsa ba. Shi kaɗai ne bai sani ba, ko ya ƙi sani.

Sai batun ƙofa. Yana da wata tunawa da ta tsaya masa a rai: yana tsaye a bayan ƙofar ɗakin Mis Kenton, yana da yaƙinin tana kuka a ciki. Da farko ya ce ranar da ta sami labarin rasuwar gwaggonta ce. Can gaba ya dawo ya ce a'a, ya rikita, ashe daren da ta gaya masa ta amsa tayin aure ne. Dubi inda kuskuren ya kai shi. In kukan na rasuwa ne, babu ruwansa a ciki. In na daren tayin aure ne, shi ne sanadi, domin ta gaya masa ne tana jiran ya ce wani abu, shi kuwa ya taya ta murna ya koma wurin baƙi. Mantuwar da kullum take faɗuwa ta gefen da zai sauƙaƙa wa mai ita ba mantuwa ba ce kawai.

Sai kuma ubangidansa. Stevens ya ce zancen da ake yi cewa Lord Darlington yana ƙin Yahudawa ba shi da tushe, sannan da bakinsa ya ba da labarin yadda Darlington ya sa shi ya kori 'yan aiki biyu, Ruth da Sarah, don kawai Yahudawa ne. Ya gaya mana ransa bai so ba. Amma da maganar ta sake tasowa bayan sama da shekara guda, Mis Kenton ta ce ita abin da ta tuna shi ne ya zo mata da batun cikin fara'a, ta kuma tambaye shi don me kullum sai ya yi ta riya. Haka nan yana ta jaddada cewa yana alfahari da bautar da ya yi wa Darlington, mutumin da jakadan Hitler, Ribbentrop, ya riƙa kai wa ziyara, amma sau biyu aka tambaye shi ko ya yi aiki a ƙarƙashinsa ya ce a'a. Sau ɗaya wata baƙuwar Mista Farraday ce ta tambaya, sau ɗaya wani direba da ya taimake shi da motar a hanya. Kowane karo ya kawo dogon uzuri. Tsawon uzurin ma alama ce. Inda Stevens ya fi yawan bayani, nan ne ya fi kusa da abin da ke ci masa rai.

Wani zai ce ai Stevens ma son ubangidansa ne ya rufe masa ido, wato shi ma ɓangare ya ɗauka. Gaskiya ne, kuma a nan ne abubuwan biyu suke haɗuwa. Bambancin shi ne nisan da son ya kai. Son da Ramatoulaye take yi wa kanta da aminiyarta ya tsaya a hukunci, ya ba wa labarin launi. Na Stevens ya ratsa har cikin fassara da tunawa, ya sauya ranar da abu ya faru, ya sa wa wasiƙa abin da ba ta ce ba, ya share hawaye daga bayani. Kuma littafin ya tanadi abin da za a kama shi da shi.

Kada kuma a zarce a kira shi maƙaryaci. Malaman hadisi sun daɗe da raba abu biyu a jikin mai riwaya, adalcinsa da kiyayewarsa. Mutum yana iya zama nagari ba ya ƙaga ƙarya, amma a ƙi dogara da riwayarsa saboda yana rikita abin da ya ji. Stevens ba ya ƙago abin da bai faru ba. Taron 1923 an yi shi, 'yan aikin an kore su, maganganun da ke tona shi ma shi ya kawo su bai rage ba. Da yana ƙarya a wannan mataki, da ba mu da abin da za mu gina labari na biyu da shi. Dole mai sharhi ya yarda da shi a wani wuri kafin ya iya ƙin yarda da shi a wani. Wannan ne ya sa jimla irin ta "ba a yarda da komai da ya faɗa ba" take rusa sharhin wanda ya rubuta ta. Rashin amanar kuma ba ta tafi bai ɗaya daga farko zuwa ƙarshe ba. A tashar bas, bayan Mis Kenton ta gaya masa takan yi tunanin rayuwar da za ta iya yi tare da shi, ya amsa wa mai karatu kai tsaye cewa zuciyarsa tana karyewa a lokacin. A nan tazarar da ke tsakanin labarin biyu ta rufe na ɗan lokaci. Sharhin da bai lura da wannan motsi ba ya rasa rabin littafin.

Inda ake zamewa

Zamewa ta farko ita ce haɗa ƙaryar da tauraro yake yi wa sauran taurari da ƙaryar da yake yi wa mai karatu. Alhaji Imam na Ruwan Bagaja, littafin Abubakar Imam na 1934, ya sha yaudarar mutane a yawonsa, shi da Malam Zurƙe ɗan Muhamman suna ta ramuwa da juna. Amma wanda yake sauraron labarinsa ba a yaudare shi ba. Yana gaya masa dalla-dalla yadda ya shirya kowace dabara, dariyar ma daga nan take fitowa. Abubuwan al'ajabi da ya ce ya gani kuwa na irin labarin ne, wanda ya gaji tatsuniya da hikaya, inda aljani ba abin musu ba ne. Wanda ya kira shi marar amana don abin da ya faɗa ba ya yiwuwa a zahiri ya auna littafin da mudun da ba nasa ba.

Ta biyu ta fi wuyar kaucewa, ita ce ɗaukar saɓaninka da mai labari a matsayin hujja. Kana iya ƙin ra'ayin Ramatoulaye game da aure, kana iya ganin wani mai labari na ƙarni na 19 yana raina talakawa ko baƙar fata. Tambayar da za ka yi ita ce, littafin yana tare da shi ko yana tona shi? In babu tauraron da ya musa masa, babu abin da ya faru da ya kunyata maganarsa, ƙarshen littafin ma ya ba shi gaskiya, to son zuciyar ta littafin ce gaba ɗaya, kuma marubucin ne abokin muhawararka. Kiran mai labarin marar amana a irin wannan hali wanke marubuci ne daga abin da ya yarda da shi.

Akwai kuma wurin da mai labari yake faɗin abin da ba shi da hanyar sani. Ramatoulaye ta ba da labarin tafiyar uwar Mawdo, mijin da Aïssatou ta bari, zuwa garinsu don ɗauko yarinyar da za ta raina ta aura wa ɗanta, har da abin da tsohuwar take saƙawa a ranta a hanya. Ramatoulaye ba ta cikin motar. Mai sharhi yana da damar ya tsaya a nan ya ce wannan zato ne da aka yi wa rigar labari, kuma zato ne na mai goyon bayan Aïssatou. Ni ma ina ganin nan ne wuri mafi rauni a amanarta. Sai dai abin da ya biyo baya ya gaskata zaton, an raini yarinyar an kuma ɗaura auren, kuma littafin bai sake waiwayar wurin don ya jefa shakka ba. Ya fi kama da marubuciya ta ari bakin tauraruwarta don ta isar da abin da take son mai karatu ya sani. Irin wannan aro ya cika littattafan da aka rubuta da bakin tauraro. Haka ma saɓani guda ɗaya a kwanan wata ko shekarun wani, wanda bai amfani kowa ba, yawanci tuntuɓen alƙalami ne.

Odili na A Man of the People, littafin Chinua Achebe na 1966, yana koya wani abu dabam: a raba wanda abin ya faru da shi da wanda yake ba da labarin daga baya. Odili matashin malamin makaranta ne mai raina Cif Nanga, amma da ministan ya gane shi a taro ya kira sunansa, sai ya narke. Ya shiga siyasa yana maganar ceton ƙasa, alhali abin da ya tunzura shi shi ne Nanga ya ƙwace masa budurwa, Elsie, a cikin gidan shi Nangan. Mai karatu yana ganin wannan duka, amma da yawa daga ciki Odili mai ba da labari ne yake nuna masa, yana yi wa kansa na dā dariya, har yana amsa cewa ya kasa rarrabe ramuwa da siyasa da son Edna, yarinyar da Nanga yake shirin aura, a zuciyarsa. Wautar tauraro a lokacin da abin ke faruwa ba ta zama rashin amanar mai labari ba, in mai labarin ya riga ya gan ta. Abin da ya rage wa mai sharhi shi ne ya nemo wuraren da Odili na yanzu ma bai gani ba, kamar yadda yake kallon mutanen ƙauye daga sama yana ɗora musu laifin lalacewar ƙasa. A nan masu nazari sun rabu, domin ba a fili yake ba ko Achebe yana tona shi ne ko yana magana da bakinsa.

In ka zo rubutawa, hukuncin yana bukatar abu uku a cikin jimla ko sakin layi guda: a kan me mai labarin ya karkace, wane shafi ne ya nuna haka, kuma wa karkatar take amfana. Maimakon ka ce Stevens ba abin dogaro ba ne ka wuce, sai ka ce ana iya dogara da shi wajen abin da aka yi da abin da aka faɗa a Darlington Hall, amma ba wajen abin da ya ji ko abin da Mis Kenton take nufi ba, ka kawo maganar Lord Darlington a daren 1923 da sauyin ranar kukan bayan ƙofa, ka nuna cewa duka biyun suna kare shi daga amsa cewa ya yi asarar uba da mace saboda ubangidan da bai cancanta ba. Ga Ramatoulaye kuwa sai ka ce labarinta na ɓangare ɗaya ne, ka ambaci wanda aka hana murya da wanda aka hana suna, ka tsaya nan. In ka nemi shafin da ya musa wa mai labari ka rasa, sai ka canza kalmar da ka yi niyyar amfani da ita.